Wasiƙar da ke Rakiyar Zanen Matakan Aiki Bayan an Gyara Shi

Zanen matakan aiki hoto ne da ke nuna yadda wani aiki yake tafiya daga farkonsa har ƙarshensa, ta hanyar akwatuna da kibiyoyi. Ana ganin irinsa a bangon asibiti, da ofishin banki, da masana'anta, da cikin littafin horar da sababbin ma'aikata. Kowane akwati mataki ɗaya ne, kowace kibiya kuma tana nuna inda za a nufa bayan an gama wannan matakin. Idan zanen ya cuɗe har mai dubawa ya rasa inda zai sa yatsa, akan kira mai zane ya gyara. Sau da yawa wanda ake kira mai zaman kansa ne, wato ba ma'aikacin wurin ba, aiki ɗaya aka ɗauko shi ya yi a biya shi. Idan ya gama, yakan haɗa sabon zanen da wasiƙa mai bayanin abin da ya sauya da dalilin sauyawar.

Zamansa baƙo a wurin shi ne tushen buƙatar wasiƙar. Bai taɓa zama a teburin kati ba, bai san abin da ke faruwa ranar da layi ya cika ba, abin da ya sani kawai shi ne tsohon zanen da kuma abin da aka faɗa masa. Mai aikin kuwa ya san aikinsa ciki da bai, amma bai san ƙa'idojin zane ba, kuma yakan ɗauki tsohon zanen da muhimmanci domin shi ko ma'aikatansa suka yi shi. Idan aka turo masa sabo babu bayani, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne abin da ya ɓace. Zai tambayi inda akwatin kaza ya tafi, ya ce a mayar, a haka gyaran zai warware ɗaya bayan ɗaya har a koma gidan jiya.

Siffofin da ake amfani da su suna da tarihi. A shekarar 1921 Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin na'ura ta Amurka hanyar zana matakan aiki, a 1947 kuma ƙungiyar ta amince da wasu alamomi da aka gina a kan aikinsu. Daga baya masu harkar kwamfuta suka ɗauki dabarar, har hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 5807 a 1985. Abin da mai karatu ke buƙata daga cikinta kaɗan ne. Akwati mai kusurwa huɗu na aikin da ake yi ne. Siffar daimon, wato akwatin da ya tsaya a kan tsininsa, ta tambaya ce wadda amsarta ke raba hanya. Siffa mai zagayayyen gefe kamar ƙwai ita ke nuna mafari ko ƙarshe. Yawancin ruɗanin da ake samu yana faruwa ne idan an cakuɗa waɗannan uku, ko an bar kibiya ba ta faɗi inda ta dosa ba.

Misali ɗaya zai fi bayyana yadda wasiƙar take. A ƙaddara wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa yana da zanen yadda majiyyaci ke bi daga ƙofa har ya karɓi magani. Ma'aikata ne suka haɗa shi a kwamfutar ofis, shekara bayan shekara ana ƙara masa akwati duk lokacin da aka sauya wani abu, har ya kai akwatuna 23 a takarda ɗaya mai girman A4. Yana da mafari biyu, ɗaya na sabon zuwa, ɗaya na mai kati, amma ba shi da ƙarshe ko ɗaya. Kibiyoyi sun gitta juna a wurare bakwai, huɗu daga cikinsu layuka ne kawai marasa kai. An sa ja da kore a wasu akwatuna ba tare da an faɗi ma'anarsu ba. Shugabar asibitin, wata Hajiya, ta gaji da ganin majiyyata suna tsayawa a gaban takardar na ɗan lokaci sannan su juya su tambayi maigadi, sai ta ba wani matashi mai zane aikin.

Kafin ya taɓa komai, mai zane da ya san aikinsa yakan gwada tsohon zanen a kan mutanen da ba su san wurin ba. Gwajin ba shi da wuya. Sai ya ba mutum takardar ya ce masa, ga mace mai kati ta zo, likita ya tura ta gwajin jini, bi ta da yatsa har ta fita. Daga nan ya yi shiru yana kallon inda yatsan zai tsaya. A wannan misalin, mutum biyu cikin uku sun tsaya cik a akwatin ɗakin gwaji, domin kibiya ta shiga amma babu wadda ta fita. Wannan tsayawar yatsa ita ce hujjar da wasiƙar za ta dogara da ita. Mai aiki zai iya musun abin da ido ya ga ya fi kyau, amma da wuya ya musanta cewa mutane sun ɓata a wuri kaza.

Wasiƙar tana farawa da gaisuwa, sannan ta faɗi sakamako nan take, tun kafin a shiga bayani dalla-dalla. Ga yadda farkonta zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga gyararren zanen na haɗo da wannan takarda. Akwatunan sun koma 17 daga 23, yanzu yana da mafari ɗaya da ƙarshe ɗaya, kuma babu kibiyar da ta hau wata. Ban cire ko mataki ɗaya daga cikin aikinku ba. Akwai tambayoyi uku a ƙasa waɗanda ku kaɗai za ku iya amsawa, na sa musu alamar rawaya a jikin zanen."

Jimlar da ta ce ba a cire mataki ba ita ce mafi nauyi a wannan sakin layi, domin tana amsa fargabar da ke zuciyar mai aikin tun kafin ta furta. Amma dole lissafin ya biyo bayanta, kada ta zama magana kawai. Mai zanen zai nuna inda akwatunan suka tafi. Biyar daga cikin 23 ba matakai ba ne tun asali, sanarwa ce, irin su lokacin buɗewa da lambar wayar asibiti da roƙon a bi layi, don haka ya mayar da su gefen takarda, saura 18. Huɗu kuma, wato tambayar suna, rubuta adireshi, ba da lamba da miƙa kati, duk mutum ɗaya ke yin su a tebur ɗaya cikin zama ɗaya, sai ya haɗe su wuri guda da sunan "Buɗe kati", saura 15. Wata tambaya mai hanya uku ya raba ta biyu, suka zama 16. Sannan ya ƙara akwatin ƙarshe mai suna "Sallama", suka cika 17. Mafarin nan biyu kuwa ɗaya ya zama ƙofar shiga ta kowa, ɗayan ya koma tambayar ko mutum yana da kati, saboda haka adadinsu bai sauya ba. Duk wanda ya karanta wannan zai iya ɗaukar tsohuwar takardar ya ƙirga da kansa.

Daga nan sai jikin wasiƙar, inda kowane gyara ke zuwa da abu uku: matsalar da aka gani, abin da aka yi, da amfanin da mai duba zanen zai samu. Tsarin jerin yana da muhimmanci. Idan aka fara da abin da aka yi, mai aiki yakan ji kamar ana kushe nasa. Idan aka fara da wahalar majiyyaci, shi da mai zanen sun tsaya gefe ɗaya suna kallon matsala ɗaya. A kan tambayar da aka raba biyu, alal misali, wasiƙar za ta ce:

"A tsohon zanen akwai akwati ɗaya da aka rubuta ‘Gwaji ko magani ko kwantarwa’, kibiyoyi uku suka fita daga cikinsa babu rubutu a kan ko ɗaya. Waɗanda na gwada da su sun yi ta hasashen wacce za su bi. Yanzu na mayar da shi tambaya biyu a jere. Ta farko, ‘Za a kwantar da shi?’, ta biyu, ‘Ana buƙatar gwaji?’. Kowace tana da mafita biyu, an rubuta E a kan ɗaya, A'a a kan ɗaya."

Ƙa'idar da ke bayan wannan gyara ita ce kowace tambaya a zane ta zama wadda za a amsa a take, kowace kibiya da ta fita daga cikinta kuma ta ɗauki amsarta a rubuce. Ba laifi ba ne tambaya ta yi mafita uku idan an rubuta sunan kowace, amma ga zanen da marar lafiya zai karanta a tsaye, E da A'a sun fi sauƙi. Yana da kyau kuma amsa iri ɗaya ta riƙa fita ta gefe ɗaya a duk zanen, misali hanyar da yawancin mutane ke bi ta miƙe ƙasa, wadda ba a cika bi ba ta karkata dama. Ido yakan koyi wannan tsari ba tare da an faɗa masa ba.

Gittawar kibiyoyi ta samo asali ne daga yadda aka riƙa cusa sabon akwati duk inda aka ga fili. Maganin da mai zanen ya yi shi ne raba takardar zuwa dogayen layuka kamar kunyoyin gona, kowace kunya ta sashe ɗaya: teburin kati, ma'aikaciyar jinya, likita, ɗakin gwaji, wurin biyan kuɗi da ɗakin magani. Wannan dabara ta yaɗu sosai bayan littafin da Geary Rummler da Alan Brache suka wallafa a 1990 kan inganta aiki a ma'aikatu. Amfaninta biyu ne. Tana nuna wanda ke da alhakin kowane mataki ba sai an rubuta ba, tana kuma fito da wuraren da aiki ke tsallakawa daga hannu zuwa hannu, waɗanda su ne wuraren da takarda ke ɓacewa kuma mutum ke daɗewa yana jira. A wasiƙa ba a buƙatar wannan tarihi. Ya isa a ce kowane ma'aikaci zai ga nasa layin, majiyyaci kuma zai san ƙofar da zai nufa.

Maganar launi takan jawo ja-in-ja, domin sau da yawa launin wurin ne, shi ke jikin allon ƙofa da katin majiyyaci. Wasiƙar ba ta cewa ja da kore ba su da kyau. Tana kawo dalili biyu da za a iya tabbatarwa. Na farko, akwai mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da kore, kuma maza sun fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba. A tsakanin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne ya kai kusan namiji 1 cikin 12, a Afirka adadin bai kai haka ba, amma asibitin da ke ganin mutane da yawa kullum ba zai rasa su ba. Na biyu ya fi kusa da gida: za a yi hoton takardar a injin kwafi mai baƙi da fari, a nan kuwa ja da kore kan fito toka-toka kusan iri ɗaya. Saboda haka mai zanen ya bar launin asibitin a kan take da gefen takarda, ma'ana kuma ya ɗora ta a kan siffa da rubutu, yadda ko launi ya tafi ba a rasa komai ba. Haka batun girman rubutu. Idan aka zana a A3 don bango sannan aka rage zuwa A4 don rabawa, komai yana komawa kusan kashi 71 cikin 100 na girmansa, rubutu mai lamba 12 ya dawo wajen 8 da rabi. Wasiƙar sai ta faɗi girman takardar da aka yi zanen dominta, ta kuma yi gargaɗi kada a rage ƙasa da haka.

Duk waɗannan gyare-gyare na kamanni ne, suna cikin hurumin mai zane, zai iya yanke su da kansa ya kawo dalili. Akwai wani rukuni daban wanda ya shafi ma'ana, kuma a nan ne ake gane wasiƙar ƙwararre. Sau da yawa zane yana ruɗarwa ne domin aikin da yake nunawa ba a daidaita shi ba. Akwatin ɗakin gwajin da ba shi da mafita ba mantuwar mai buga takarda ba ce kawai. Da mai zanen ya tambaya, ma'aikaciyar jinya ta ce majiyyaci ne ke jiran sakamako ya kai wa likita, mai gwajin kuma ya ce shi ke aikawa ta hannun masinja. Kowannensu gaskiya ya faɗa, domin duka biyun ana yi, ya danganta da wanda ke bakin aiki. Da mai zanen ya zaɓi ɗaya ya ja kibiya mai kyau, da ya kafa wa asibitin doka ba da izini ba, kuma kyan zanen zai sa kowa ya ɗauka hukuncin shugaba ne. Wannan kuskure ya fi barin ruɗanin haɗari, domin tsohon zanen aƙalla yana sa mutum ya tsaya ya tambaya. Abin da ya dace shi ne ya mayar da tambayar ga mai ikon amsa ta:

"Tambaya ta farko, Hajiya: bayan an gama gwaji, majiyyaci ne zai ɗauki sakamako ya koma wurin likita, ko ɗakin gwaji ne zai aika? Na ji duka biyu daga ma'aikata. A yanzu na ja kibiyar da ɗigo-ɗigo zuwa wurin likita, ina jiran hukuncinku. Ta biyu: babu hanyar wanda aka kawo cikin gaggawa. Shin ana wucewa da shi kai tsaye a buɗe kati daga baya? Ta uku: masu inshorar lafiya suna bin layin biyan kuɗi ɗaya da kowa, ko suna da teburinsu?"

Kowace tambaya an yi ta yadda za a amsa da kalma ɗaya ko biyu, an kuma nuna wurinta a jikin zanen. Tambaya irin "ko akwai abin da kuke so a ƙara?" ba ta haifar da komai sai shiru ko kuma dogon jerin sababbin buƙatu. Ɗigo-ɗigon da alamar rawaya suna hana a buga zanen a manna a bango kafin a warware matsalar.

Wasiƙa mai kyau tana faɗin abin da aka bari yadda yake. A wannan zane biyan kuɗi ya fito sau uku, na kati, na gwaji, na magani. Mai neman tsafta zai so ya haɗe su a akwati ɗaya, amma da aka bincika sai aka tarar sau ukun ake biya da gaske. Don haka aka bar su, aka kuma rubuta dalili, saboda kada wani ya zo daga baya ya ɗauka sakaci ne.

Sai kuma buƙatar da mai zanen bai biya ba. Hajiya ta nemi a sa farashin kati da na kowane gwaji a cikin akwatunan. Bai dace a yi shiru a kan irin wannan ba da fatan za ta manta, haka kuma bai dace a ƙi kai tsaye ba tare da mafita ba. Wasiƙar za ta ce farashi yana sauyawa sau da yawa fiye da matakan aiki, idan aka sa shi a ciki sai an sake buga zanen duk lokacin da kuɗi ya motsa, ko kuma a riƙa gogewa da biro har takardar ta lalace. Shawararsa ita ce a yi takardar farashi daban a manna kusa da zanen, ya kuma rufe da cewa idan duk da haka sun fi son a sa, zai sa. Hukuncin ƙarshe na mai aiki ne, amma ya yanke shi yana sane da abin da zai biyo baya.

Harshen wasiƙar yana buƙatar kula. Kalmomin sana'ar zane ba su da amfani ga mai asibiti, gara a ce "akwati na uku daga sama" ko a sa wa akwatunan lamba a kwafin dubawa. Ba a cewa tsohon zanen shirme ne, wataƙila wanda ya yi shi ne zai fara buɗe saƙon. Ana danganta matsala ga takarda da yadda ta girma a hankali, ba ga mutum ba. Yawan ba da haƙuri ma yana da illa, domin wanda ya nemi gafara a kan kowane gyara yana nuna bai yarda da aikinsa ba, mai aiki kuma zai bi sahunsa. Tsawon da ya dace shafi ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Ƙananan abubuwa, kamar daidaita tazarar akwatuna da gyaran kuskuren rubutu, jimla ɗaya ta ishe su gaba ɗaya.

Sashen ƙarshe ya shafi yarjejeniya, kuma ga mai zaman kansa a nan abincinsa yake. Masu wannan sana'a sukan ƙayyade yawan zagayen gyara a cikin farashi, misali biyu. Wasiƙar tana tunatar da cewa wannan ne zagaye na farko, tana roƙon a tattara ra'ayin duk waɗanda za su duba a turo lokaci ɗaya ta hannun mutum ɗaya, tana kuma faɗin ranar da ake jiran amsa da ranar da za a miƙa na ƙarshe idan amsar ta zo a kan lokaci. Idan amsar tambaya ta buɗe sabon aiki, kamar a ce a ƙara zanen ɗakin kwantarwa gaba ɗaya, a nan ake faɗa cikin ladabi cewa wannan aiki ne daban mai farashinsa. Da yawa daga cikin irin wannan magana kan wuce ta waya ko saƙon murya, amma murya ba ta da sauƙin nema bayan wata biyu, kuma kowa na tuna abin da ya ji yadda ya fi masa daɗi. Takarda kuwa tana nan ga ɓangarorin biyu.

A ƙasan wasiƙar ake ambaton abin da aka haɗo. Yawanci fayil biyu ne: sabon zanen a tsarin PDF, mai suna da ke nuna zagayensa kamar `zanen-majiyyata-v2.pdf`, da wani shafi da aka jera tsoho da sabo gefe da gefe, an sa lambobi a wuraren da aka taɓa daidai da lambobin da ke cikin wasiƙar. Fayil ɗin asali wanda za a iya gyarawa akan miƙa shi ne bayan amincewa ta ƙarshe, gwargwadon yadda aka yi yarjejeniya. Idan amsar tambayoyin uku ta iso, mai zanen zai mayar da kibiyar ɗigo-ɗigo cikakken layi, ya ƙara hanyar gaggawa idan an tabbatar da ita, ya cire alamun rawaya, ya sake gwajin yatsa da wasu mutanen da ba su ga na farko ba, sannan ya rubuta ranar amincewa da lambar zagaye a ƙasan takardar kafin a kai ta wurin bugawa.